Yadda za ka rubuta wa lakcara saƙon neman sake makin takardarka, da hujja daga makin sikim

An dawo muku da takardun tes, ka duba bango ka ga 14 cikin 30, kai kuma ka san abin da ka rubuta ya fi haka, zuciya ta hau tafasa hannu yana ƙaiƙayin ɗaukar waya. Toh ajiye wayar tukun. Na daɗe ina taya malamai makin takardu kuma na ga saƙonni irin wannan da yawa, wanda ke sa malami ya jawo takarda ya sake dubawa kusan kullum iri ɗaya ne, wato wanda ya ce tambaya kaza, shafi kaza, sikim, wato takardar rabon maki, ya ba da maki kaza a kan abu kaza, ga shi na rubuta, ba a ba ni ba. Wanda ya zo da "Malam wallahi na yi karatu sosai, ban cancanci wannan makin ba" kuwa ko malamin yana da tausayi babu abin da zai kama ya yi aiki da shi, don ba a makin wahalar da ka sha, abin da ke kan takarda ake yi wa.

Kafin ka rubuta komai

Abu na farko ɗauki hoton kowane shafi na takardar har da bango, yadda aka miƙo maka ita. Kuma dan Allah kar ka sa biro ko fensir a jikinta, ko da ɗan layi ne don ka tuna wurin. Wannan gargaɗin ba ƙarami ba ne, idan malami ya ga rubutun da yake zargin an ƙara bayan ya gama makin, magana ta tashi daga neman maki 4 ta koma zargin maguɗi, kuma wasu malaman suna ajiye hoto ko kwafin takardu kafin su raba, daidai saboda wannan. Duk lissafin da za ka yi ka yi shi a wata takarda daban.

Na biyu ka nemi makin sikim ɗin, wato takardar da ta nuna yadda aka raba makin kowace tambaya. Wani malamin yana ɗora shi a shafin kwas, wani yana bi ta kansa a aji bayan tes, wani kuma tun da ya ba da asainmen yake haɗawa da jadawalin abin da zai duba. Wanda aka fitar a hukumance shi kaɗai za ka kafa hujja da shi. Idan wani ne ya turo maka hoton sikim ta bayan fage, ba malami ne ya fitar ba, kar ka ambace shi ko kusa, tambayar farko da za a yi maka ita ce ina ka samu. Idan kuma ba a fitar da komai ba to saƙonka na farko ba na neman sake makin ba ne, na neman a nuna maka yadda aka raba makin ne, layi biyu kawai, Malam ina so in fahimci inda na rasa maki a tambaya ta 2, ko zai yiwu in ga yadda aka raba shi.

Sai ka buɗe littafin dokokin ɗalibai ko takardar bayanin kwas ka nemi abu biyu, wa'adin kai ƙorafi da kuma wanda ake kai wa. Jami'o'i sun bambanta sosai a nan, amma yawanci wa'adin gajere ne kuma daga ranar da aka fitar da sakamako ake ƙirgawa, ba daga ranar da kai ka gani ba. Akwai kuma bambanci babba tsakanin tes ko asainmen da yake hannun malami har yanzu, da jarrabawar ƙarshen semesta da aka riga aka amince da sakamakonta aka shigar. Ta farkon saƙo ga malami yana iya warware ta, ta biyun kuwa malami shi kaɗai ba ya da ikon taɓa ta ko da ya yarda kana da gaskiya, sai ta hanyar fom da ofishin jarrabawa, wani wurin ma sai an biya kuɗin sake makin kuma wani malamin daban za a ba. Wannan jagorar a kan ta farkon take.

Ka yi wa kanka makin, layi bayan layi

A nan aikin yake, rubuta saƙon shi ne mai sauƙin. Bari mu bi misali guda ɗaya har ƙarshe.

A ce ɗaliba ce ta rubuta tes na kwas ɗin ƙididdiga, tambayoyi 3 kowacce maki 10, a bango an rubuta 7, 3, 4, jimilla 14. Ta zauna da takardarta a hannun dama sikim a hagu, ta fara da abin da bai buƙatar gardama, wato tara lambobin da malami ya rubuta da jan biro a gefen shafi. Tambaya ta 3 tana da ɓangare (a) da (b), a shafi na 4 an ba ta 4 a (a), ta juya shafi na 5 an ba ta 4 a (b), amma a bango 4 kawai aka ɗauko. Kaga wannan ba ra'ayi ba ne, malamin da kansa ya ba da makin, wajen kwashewa zuwa bango ne ɗaya ya faɗi, abin da ke faruwa da duk wanda ya zauna da tarin takardu har dare. Jimilla ya kamata ta zama 18.

Sai tambaya ta 2. An ba da lambobi biyar, 4, 6, 8, 10, 12, aka ce a nemo matsakaici da kuma yadda lambobin suka warwatsu daga matsakaicin, da wannan fomula:

```
s = √( Σ(x − x̄)² / (n − 1) )
```

Sikim ya raba makin haka, matsakaici maki 2, rubuta fomula daidai maki 2, nuna aiki mataki-mataki maki 4, amsar ƙarshe maki 1, bayanin abin da amsar ke nufi maki 1. A ƙasa kuma akwai layi ɗaya da ya ce idan ɗalibi ya yi kuskure a farko amma ya bi hanya daidai da lambar da ya samu, a ba shi makin hanya, kar a hukunta shi sau biyu a kan kuskure ɗaya.

Amsar gaskiya, jimillar lambobin 40 ce, matsakaici 8, idan ka cire 8 daga kowacce ka ninka abin da ya fito da kansa za ka samu 16, 4, 0, 4, 16, jimilla 40, a raba da 4, wato `n − 1` tunda lambobin biyar ne, ya ba da 10, tushensa, wato √10, kusan 3.16. Ita kuma cikin sauri ta tara lambobin ta samu 35, sai matsakaicinta ya zama 7, daga nan ta ci gaba, 9, 1, 1, 9, 25, jimilla 45, ta raba da 4 ta samu 11.25, tushensa kusan 3.35. Malami ya ga 7 a sama ya ga 3.35 a ƙasa duk ba su dace da sikim ba, ya ja layi ya ba ta 2 na fomula da 1 na bayani, shi ne 3 ɗin.

Yanzu me ta rasa da gaske? Maki 2 na matsakaici sun tafi, 7 ba 8 ba ne. Maki 1 na amsar ƙarshe ma ta bar shi. Amma maki 4 na nuna aiki, kowane mataki da ta bi daidai yake idan aka ɗauki 7 ɗin nata, ta cire, ta ninka, ta tara, ta raba da `n − 1` ba da `n` ba, kuma layin nan na ƙasan sikim ya ce a ba da makin hanya. Wannan hujja ce mai ƙarfi duk da ba ta kai ta tambaya ta 3 ba, don a nan sai malamin ya sake karantawa ya yanke, yana iya ba da 4 duka yana iya ba da 3.

Saura tambaya ta 1, ta bayani ce, an ba ta 7, ita tana jin ta cancanci 9. Sikim ya ce zurfin bayani maki 4, an ba ta 2. Ta sake karanta amsarta sau uku tana ganin ai ta yi zurfi. To amma wane layi za ta nuna ta ce ga zurfin nan? Babu. Wannan hukuncin malami ne, kuma jami'o'i da yawa sun rubuta ɓaro-ɓaro a dokokinsu cewa ba a ɗaukaka ƙara a kan hukuncin masani kawai don ɗalibi bai gamsu ba. Shawarata a nan ba ta da daɗin ji amma ina tsaye a kanta, ta bar tambaya ta 1 gaba ɗaya daga cikin saƙon. Idan ta cusa ta, malamin zai fara amsa mai rauni ɗin ne don ita ce mafi sauƙin ƙi, ya rubuta dogon bayani a kan dalilin da ya sa 2 ya dace, kafin ya iso kan masu ƙarfin ya riga ya sa a ransa wannan neman maki kawai take. In tana son sanin yadda za ta inganta bayani, ta je ofishinsa wata rana daban ta tambaya a matsayin neman ilimi.

Akwai abu ɗaya kuma da ɗalibai ba sa son yi, ka duba har inda aka ba ka fiye da haƙƙinka. Sake makin a wurare da yawa yana nufin sake duba takardar duka, maki yana iya hawa yana iya tsayawa yana iya sauka. Idan kana neman maki 1 a tambaya ta 2 alhali ka san an yi maka sassaucin maki 3 a wani wuri, ka yi wa kanka wannan lissafin da gaskiya kafin ka tura. Ita ɗalibarmu ta duba, sauran makin nata a tsaye suke, don haka abin da take nema 4 tabbas, da wasu 4 da take da hujja a kai, daga 14 zuwa abin da bai wuce 22 ba.

Rubuta saƙon

Ta imel ɗin makaranta za ka tura, sai dai in malamin da bakinsa ya ce a same shi ta wata hanya. Imel yana barin shaidar rana da lokaci, wanda zai yi maka amfani idan maganar wa'adi ta taso, sannan ba ka kutsa masa waya da daddare ba. Ka rubuta da harshen da ake koyar da kwas ɗin, ni da Hausa zan kawo samfurin don a ga ginin, ginin ɗaya ne a kowane harshe.

A layin take ka sa lambar kwas, wane tes ne, da lambar rajistarka. Malami yana da kwasa-kwasai fiye da ɗaya da ɗaruruwan sunaye, idan sai ya yi bincike kafin ya gane ko kai waye to saƙon zai kwana. Ka kira shi da muƙaminsa na gaskiya, Dakta ne ko Farfesa, Malam ko Malama, ka duba takardar kwas in ba ka tabbata ba. Ga yadda nata zai kasance:

"Take: Roƙon sake duba tes na 1, kwas kaza, lambar rajista kaza

Barka da aiki Dakta, da fatan ana lafiya.

Sunana wance, ina aji 2 a kwas ɗinku na ƙididdiga. Na karɓi takardata ta tes na 1 ranar Litinin, na bi ta tare da makin sikim ɗin da kuka ɗora mana, sai na ga wurare biyu da nake roƙon a taimaka a sake dubawa.

Na farko tambaya ta 3. A shafi na 4 an ba ni maki 4 a ɓangaren (a), a shafi na 5 an ba ni 4 a ɓangaren (b), amma a bango an rubuta 4. Idan na tara daidai ya kamata ya zama 8, jimilla ta koma 18 maimakon 14.

Na biyu tambaya ta 2, shafi na 3. Na yi kuskure wajen tara lambobin, na samu matsakaici 7 maimakon 8, na yarda na rasa maki 2 na matsakaici da 1 na amsar ƙarshe. Sai dai sikim ya ware maki 4 na nuna aiki, kuma bayanin da ke ƙasa ya ce a ba da makin hanya idan an bi matakai daidai bayan kuskuren farko. Daga layi na 5 zuwa na 11 na bi matakan da 7 ɗin da na samu, amma ba a ba da maki a wannan ɓangaren ba. Ina roƙon a duba ko ya cancanci makin hanyar.

Na haɗo hoton bango da shafi na 3, 4 da 5, da shafin sikim ɗin. Asalin takardar tana hannuna yadda aka ba ni, zan kawo ta ofis duk lokacin da ya yi muku. Idan kuma akwai wata hanya ta hukuma da ya kamata in bi, ina roƙon a sanar da ni.

Na gode ƙwarai da lokacinku.
Wance, lambar rajista kaza"

Duba jerin da aka bi. An fara da wanda ba shi da gardama, cikin minti ɗaya malamin zai buɗe hoto ya ga 4 da 4, ya ce eh gaskiya ne, kuma da wannan "gaskiya ne" ɗin zai shiga karanta na biyu. Sannan ta amsa kuskurenta da kanta kafin a nuna mata, wannan layin na "na yarda na rasa maki 2" shi ne ya fi komai nauyi a saƙon a ganina, don ya nuna ta karanta sikim ɗin duka ba wurin da ya yi mata daɗi kaɗai ba. Ka lura kuma ba ta ce "kun yi kuskure" ba, ta ce "a bango an rubuta 4", ta ajiye lambobin suka yi magana, malamin ya gyara ba tare da an tsayar da shi a gaban ɗalibarsa ana ƙirga masa laifi ba. Wani lokacin ma ba shi ya yi makin ba, mataimaki ne. A na farkon ta faɗi adadi kai tsaye don lissafi ne, a na biyun ta ce "a duba ko ya cancanci" don hukuncin nasa ne.

Idan za ka kawo maganar sikim ka kwafo kalmominsa yadda suke, kar ka faɗaɗa. In ya ce "misalai biyu masu dacewa" kar ka mayar da shi "misalai biyu", malamin shi ya rubuta abin, zai gane kalmar da ka cire, kuma wataƙila a kanta ka rasa makin.

Abubuwan da ke kashe saƙo

Kar ka ce saura maki 2 in samu giredi kaza, ko sikolashif ɗina zai tafi. Na san da gaske ne kuma yana da ciwo, amma da zarar ka faɗa ka mayar da maganar roƙon alfarma, malami mai tsare aikinsa kuma dole ya ƙi, don in ya ƙara maka saboda buƙata ya zalunci sauran aji. In kana da matsala ta rashin lafiya ko rasuwa lokacin tes ɗin, wannan ƙofarta daban ce, ba ta sake makin ba.

Kar ka ce abokina ya rubuta irin nawa sak an ba shi 8. Sakamakon da ya fi yiwuwa biyu ne, ko a rage wa abokin, ko a kira ku biyun ku yi bayanin yadda amsoshinku suka zama iri ɗaya sak. Sikim ne ma'auninka ba takardar wani ba.

Kar kuma ka sa shugaban sashe a kwafin saƙon farko, ana karanta shi ne a matsayin barazana ko ba haka ka nufa ba. Haka ma turo wani babba ya sa baki, yana ɓata hujjar da da kanta ta isa.

Bayan ka tura

Ka ba shi kamar mako ɗaya na aiki, amma idonka yana kan wa'adin nan da ka duba tun farko. Idan shiru, ka amsa a kan wannan imel ɗin dai, kar ka buɗe sabo, layi biyu, Dakta ina tuni ne a kan saƙona na ranar kaza, wa'adin kai ƙorafi zai cika ranar kaza. In wa'adin ya matso kuma har yanzu shiru, ka shigar da ƙorafin ta hanyar hukuma kafin ya wuce ko da kana jiran amsarsa, don jiran malami ba lallai ya tsayar maka da ƙirgen ranaku ba.

In ya kira ka ofis ka je da asalin takardar da sikim ɗin, ka tsaya kan abubuwa biyun da ka rubuta, kar ganin fuska ta saki ya sa ka zaro tambaya ta 1 daga aljihu. Yana iya cewa, tambaya ta 3 na gyara, a ta 2 zan ba ki 3 ba 4 ba saboda ba ki nuna layin cirewa a fili ba sai sakamakon ninkin. Ta duba takardarta, in haka ne ta karɓa ta yi godiya, 14 ta koma 21. In kuma ya ƙi gyara ko da na tarawar nan da ke bayyane, a nan ne mataki na gaba ya halatta, mai kula da kwas ko jami'in jarrabawa na sashe sannan shugaban sashe, yadda dokar makarantarku ta jera su, da hotunan nan da imel ɗin da ka tura a haɗe.

Idan an gyara da baki a ofis, da ka fito ka tura gajeren imel, na gode Dakta, kamar yadda muka yi yau makin tes na 1 ya koma 21 cikin 30. Gyara a jikin takarda abu ɗaya ne, gyara a jadawalin da malami yake tara makin aji kuma wani abu ne daban, sau da yawa a tsakanin biyun nan ake mantuwa. Ka ajiye takardar da sabon makin da sa hannunsa a kai har ƙarshen semesta, ranar da aka kafe makin tes ko aka ɗora a fotal ka nemi lambar rajistarka ka tabbatar 21 ce a wurin ba 14 ba, in tsohuwar ce ka koma kan imel ɗin nan ka tuna masa kafin a haɗa da makin jarrabawa a miƙa sama.